Dabino, Kwakwar Manja da Kwakwar Attagara: Yadda Ake Gane Kowace Tun Daga Gindi

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Kano zuwa Legas ya ga yadda itatuwa masu dogon wuya ke sauyawa a gefen hanya. A arewa goriba da giginya ne ke tsaye a gonaki, sai ɗaiɗaikun dabino a cikin gari da bakin fadama. Da an nausa kudu, an fara shiga ƙasar kurmi, sai kwakwar manja ta cika ido. Can kusa da teku, wajen Badagry, kwakwar attagara ce ke jere cikin yashi, wato wadda muke fasawa mu sha ruwanta mu ci farin namanta. Goriba da giginya ba su da wuyar ganewa, don ganyensu a baje yake kamar mafici, goriba ma har rassa take yi. Amma dabino da kwakwar manja da attagara duk dogon reshe gare su mai ganyaye jere dama da hagu, saboda haka daga nesa mutum kan ɗauka dangi ɗaya ne sak. In babu 'ya'ya a kai, mutane da yawa sai dai su yi canke.

Canken nan yana da tsada. Mai sayen gona a kudancin Kaduna ko Nasarawa yana bukatar sanin abin da ke tsaye a cikinta kafin a yi ciniki. Mai sayen dashe a bakin titi yana iya kai wa gidansa abin da ba zai taɓa yin albarka a ƙasarsa ba, ya shekara biyar yana ban ruwa. Alhali kuwa itacen da kansa yana ɗauke da shaidarsa a jiki. Dukkan ukun ido ɗaya tak gare su, can a tsakiyar kai, kuma daga nan kowane reshe yake fitowa ɗaya bayan ɗaya. Nonon 'ya'ya yana fitowa ne daga saƙon da ke tsakanin reshe da gangar jiki. In reshen ya tsufa ya mutu, yadda ya rabu da itacen shi ke barin tabon da ake gani. Ke nan reshe da tabo da nono labari ɗaya ne, kuma wanda ya fahimci reshen ya yi rabin aikin.

Reshe a hannu

Ni dai shawarata kullum ita ce a daina ɗaga kai sama tukuna, a dubi ƙasa. Da wuya ka tsaya a gindin irin waɗannan itatuwa ba ka sami busasshen reshe ko wanda aka sare aka yar ba. Ɗauke shi, amma da hankali, ka fara duba wajen gindinsa, wato hannun da ke riƙe da itacen kafin ganyaye su fara.

In dabino ne, nan take za ka sani, wataƙila ma kafin ka so. Ganyayen da ke kusa da gindin reshen dabino sun rikiɗe sun zama ƙayoyi dogaye masu tsini, waɗansu sun kai tsawon yatsa, waɗansu sun fi tafin hannu. Suna fitowa ɗaiɗai daga ƙasa, sannan bibbiyu, suna ƙara tsawo har su koma ganye sosai. Sukar wannan ƙaya ba wasa ba ce, takan kumbura ta daɗe tana zogi, musamman in tsinin ya karye a cikin nama ko kusa da gaɓa. Shi ya sa masu kula da dabino kan fara sassabe ƙayoyin kafin su shiga yin barbara ko yanke nono. Ko ganyen da bai zama ƙaya ba, bakinsa da tsini yake ƙarewa, kuma a sandare yake, ba ya lanƙwasa da sauƙi.

Reshen kwakwar manja ma yana da ƙaya, amma irinta daban ce. Gajeru ne, suna jere a gefe biyu na hannun reshen kamar haƙoran zarto, ba sa miƙewa su yi tsawo irin na dabino. Suna yage fata da tufafi in aka ja reshen, amma ba sa shiga can ciki. Shi kuwa reshen attagara ba shi da ƙaya ko ɗaya. Kana iya shafa hannunsa tun daga gindi har ƙarshe, sumul yake. Abin da za ka tarar a gindinsa shi ne wani saƙaƙƙen zare mai ruwan ƙasa, mai kama da tsohon buhu, wanda ke naɗe gindin rassan yana riƙe su a jikin itacen lokacin iska. Wannan gwaji na ƙaya shi kaɗai ya isa ya raba ukun, ko da daddare ne.

Akwai alama ta biyu da ba kowa ya lura da ita ba, kuma a ganina ita ce mafi tabbas wajen ware dabino. Ɗauki ganye ɗaya ka duba yadda ya naɗe a tsawonsa. Ganyen dabino ya naɗe ne yana buɗe sama, kamar harafin V, ta yadda in ka ɗiga masa ruwa zai gangara ta cikinsa. Na kwakwar manja da na attagara kuwa a kife suke, jijiyar tana sama, gefe biyun sun sauka ƙasa, ruwa ba ya zama a kansu. Wannan jijiya ta tsakiya mai ƙarfi ita ce ake fiƙewa a ɗaure a yi tsintsiyar kwakwa da ake kawowa kasuwanninmu daga kudu. Ganyen dabino ba shi da irin wannan tsinke, an fi amfani da shi wajen saƙa.

To yanzu ana iya ɗaga kai. Launin dabino kore ne mai toka-toka, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi, saboda wani farin kakin da ke rufe ganyen yana rage masa asarar ruwa a zafin hamada. Ganyayensa gajeru ne, galibi ba su wuce kamu ɗaya ba, kuma suna tsaye ƙiƙam suna duban sama da gefe. Ko iska na kaɗawa, kan dabino ba ya rausaya sosai. Kwakwar manja korenta mai duhu ne ƙwarai, rassanta sun fi na sauran tsawo, a itacen da ya ƙoshi sukan kai mita 7 ko fiye, kuma kanta a cike yake har inuwarta ta yi duhu. Ganyayenta ba a layi ɗaya suke ba. Wani ya ɗaga sama, na kusa da shi ya sauka ƙasa, haka har ƙarshen reshe, shi ya sa daga nesa ake ganin reshen a hargitse. Attagara ita ce mai tsari. Ganyayenta dogaye ne, sukan kusan kai mita ɗaya, suna jere a layi ɗaya kowane gefe kamar haƙoran mataji, suna sheƙi, koren yana da ɗan rawaya-rawaya. Kanta ba ya cika da yawa, ana hango sararin sama ta tsakanin rassan, kuma ko 'yar iska ce ta taso sai ka ga duk sun ɗauki rawa.

Abin da gangar jiki ke faɗa

Waɗannan itatuwa ba sa ƙara kauri shekara bayan shekara irin na kuka ko ɗorawa, kuma ba sa yin sabon ɓawo su rufe rauni. Duk abin da ya sami jikinsu yana nan har su mutu. Matakalar da mai hawa ya sassara a jikin attagara shekara 20 da suka wuce tana nan yadda ya bar ta. Wannan ne ya sa gangar jikin ta zama abin karantawa.

Dabino ba ya sakin gindin reshensa. Reshen yakan rayu shekaru da dama, ya bushe, ya rataya, kuma ko an sare shi, kututturen gindin yana nan manne. Saboda haka jikin dabino a kaushashe yake daga ƙasa har sama, da guntayen gindin rassa da suka hau juna suna zagaye itacen, da zare mai ruwan ƙasa cushe a tsakaninsu. Inda ake gyara shi da kyau ana yanke su daidai wa daida, sai su fito da zane mai kusurwa huɗu-huɗu, su kuma zama matakala ga mai hawa. Sai itacen ya tsufa ƙwarai ne na can ƙasa suke zaizayewa, amma ko a nan jikin ba ya yin sumul. Sannan ga babbar alama a ƙasa: dabino yana fitar da 'ya'yan gindi, musamman a shekarunsa na ƙuruciya. In ka ga babban itace da ƙanana uku ko huɗu sun tsiro daga jikin gindinsa sun yi cunkus, to ba manja ba ce, ba attagara ba ce. Waɗancan biyun tilo suke tashi, tilo suke mutuwa, galibi ta iri ake samun su.

Attagara kishiyar dabino ce a nan. Reshenta in ya gama aiki yakan saki gaba ɗaya, har da gindinsa, ya faɗo rim. Abin da ya bari shi ne siririn tabo a kwance, kamar zobe da bai gama zagayowa ba. Jikin itacen fari-fari ne mai toka, sumul, siriri idan aka gwada da tsawonsa, da kumburi a can gindi inda saiwoyi suka taru. Kuma da wuya ka ga attagara doguwa ta miƙe sak. Takan karkata, ta lanƙwasa ta nufi inda haske yake, shi ya sa na bakin teku suke leƙa ruwa.

Da yake attagara tana fitar da reshe kusan ɗaya a kowane wata, wato 12 zuwa 14 a shekara in tana samun ruwa, ana iya ƙiyasta shekarunta da waɗannan tabbai. A ce ka tsaya gaban wata mai tsawon mita 9 daga ƙasa zuwa inda rassa suka fara. Ka auna mita ɗaya a jikinta daidai ƙirjinka, ka zagaya kana ƙirgawa, don in ka tsaya gefe ɗaya waɗansu tabban za su ɓuya maka, ka sami 32. Mita 9 ke nan ya ba ka wajen 290. Raba da 13, ka sami shekara 22. Sai ka ƙara shekara 4 ko 5 na farko, lokacin da doguwar attagara ba ta fara yin gangar jiki ba tukuna, da kuma shekara 2 da 'yan kai na rassan da ke kanta yanzu waɗanda ba su faɗo ba. Itacen ya doshi shekara 30 ke nan. Lissafin yakan gaza gaskiya kaɗan, domin in itace ya manyanta tabban sama sun fi matsuwa da juna. Haka nan in ka ga wani wuri a tsakiyar jikin ya tsuke, tabban sun cunkushe, sannan ya sake buɗewa a sama, to itacen ya sha wuya a waɗannan shekarun, ko fari, ko yunwar taki, ko wata cuta.

Kwakwar manja ce mai ruɗa mutane, domin fuska biyu gare ta. Tana ƙarama, gindin rassanta suna manne kamar na dabino, sai dai sun fi faɗi da girma, kuma sun fi duhu. Ƙasa da ruɓaɓɓen ganye kan taru a saƙonsu, sai ka ga ciyayi masu son laima da 'yan tsirrai sun tsiro a jikin itacen tun daga ƙasa har wuya. A ƙasar da ake ruwa sosai, wannan koren gashi a jiki kusan tambarin kwakwar manja ne. Amma daga wajen shekara 12 zuwa sama, guntayen sukan fara ruɓewa suna zubewa, kuma abin mamaki, sau da yawa daga tsakiyar itacen suke farawa. Sai ka ga itace mai kaushi a ƙasa, tsirara a tsakiya, kaushi kuma a sama. Wanda ya tsufa sosai, irin na kurmi da ba wanda ya shuka, yakan tuɓe kusan duka ya bar 'yan kaɗan a ƙarƙashin kai.

Tsohuwar da ake ɗauka attagara ce

Ga inda aka fi yin kuskure. A ce mutum ya je duba gona a bakin rafi wajen Kafanchan, a tsakiyar rani. A ƙarshen gonar ga wani dogon itace, ya fi mita 15, jikinsa babu guntayen rassa, kansa can sama ƙarami, babu 'ya'yan da ake hangowa. Mai gona ya ce ai kwakwa ce, ya yi shiru. Wace kwakwar?

Dabino ya fita tun farko, don jikin ba shi da kaushin dabino, babu 'ya'yan gindi, kuma launin kan kore ne mai duhu. Saura biyu. Sai a matsa a dubi jikin. Shin ya miƙe sak ko ya lanƙwasa? Tsohuwar kwakwar manja a miƙe take, launinta baƙi-baƙi, kuma tabbanta masu kauri ne, ba su da tsabtar siraran zoben attagara. A ɗaga kai a dubi wuyan: in akwai ragowar guntayen rassa da ciyayi sun maƙale a ƙarƙashin kai, wannan halin manja ne, attagara ba ta ajiye su. A dubi rassan sama, a hargitse suke ko a taje? Sannan a nemi wanda ya faɗo a shafa gefen hannunsa. In aka ji gajerun ƙayoyi, magana ta ƙare.

Akwai kuma shaidar ƙasa, wadda nake ganin ta fi kowace saurin yanke hukunci. A gindin kwakwar manja ba a rasa baƙaƙen ƙwallaye masu tauri, girman goro ƙarami ko ƙasa da haka, waɗansu a fashe inda kurege ko ɓera ya ci ƙwarar. Sau da yawa ma za a ga 'yan tsirrai da suka fito daga cikinsu, warwatse, kowanne da saiwarsa. Kada a ɗauke su 'ya'yan gindi irin na dabino: in ka tona za ka ga ƙwallon a maƙale, ba su haɗe da uwar ba. A gindin attagara kuwa ɓawo mai zare za a gani, da ƙananan 'ya'yan da suka zube tun ba su girma ba. Kuma attagara mai lafiya da ta kai wannan tsawo ba ta rabuwa da 'ya'ya a kowane wata na shekara, manya ne da ba sa ɓuya. Dogon itace a bakin rafin kudancin Kaduna, miƙaƙƙe, ba a hango komai a wuyansa, kusan kullum manja ce. Ga mai saye kuma sai ya san cewa itacen da ya yi wannan tsawo girbinsa sai gwanin hawa, kuma nononsa ba zai kai na matashin itace na gona yawa ba.

Nono uku, hali uku

In akwai 'ya'ya, ko yaro ya raba su. Amma yadda kowane nono yake zaune yana da bayanin da ya wuce suna kawai.

Nonon dabino yana da dogon hannu, mai faɗi, rawaya ko ruwan lemo, wanda ke fitowa daga cikin rassa ya lanƙwaso waje saboda nauyi. A ƙarshensa akwai siraran igiyoyi da yawa, 'ya'yan suna jere a jikin kowace. Sukan fara kore, su koma rawaya ko ja gwargwadon iri, sannan su yi laushi su koma ruwan ƙasa, su bushe. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne dabino akwai namiji akwai mace, kowanne itacensa daban. Namiji ba ya haihuwa har abada, fure kawai yake yi. Furensa fari ne, a cunkushe, in ka girgiza shi gari yana tashi. Na mace 'yan ƙulli-ƙulli ne a jere da tazara a jikin igiyoyin. Manoma kan yanko igiyoyin furen namiji su cusa cikin na mace su ɗaure, shi ne barbara, kuma da wannan dabara namiji ɗaya yana isar mata da yawa. In barbara ba ta kama ba, alamar tana fitowa a nonon: 'ya'yan sukan fito ƙanana, sau da yawa uku-uku a wuri ɗaya, babu ƙwallo a ciki, ba sa nuna yadda ya kamata. Wanda ya shuka ƙwallon dabino kuma ya sani cewa kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, kuma ba zai gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Dalilin ke nan da ya sa masu gonar dabino a Bilma da Ingal da kwarurrukan Abzin suka fi son ɓamɓaro ɗan gindi daga uwar da suka san daɗinta, don shi ba ya sauya hali.

Nonon kwakwar manja ba ya rataya. Hannunsa gajere ne mai kauri, saboda haka a zaune yake, cushe a saƙon reshe, reshen da ke ƙarƙashinsa yana tallafe da shi. Dunƙule ne guda, mai nauyin kilo 10 zuwa 25 a itacen da ya girma, da 'ya'ya ɗaruruwa har fiye da dubu a matse da juna, ƙayoyi suna leƙowa ta tsakaninsu. A irin da aka fi sani, ɗanyun 'ya'ya baƙi ne mai sheƙi, shi ya sa ba a hango su cikin duhun kan itacen. In sun nuna, wata 5 zuwa 6 bayan barbara, sai su yi ja mai ruwan lemo daga gindi. Akwai wani iri da ɗanyensa kore ne, ya nuna ya koma ruwan lemo. Masu girbi ba sa dogara da launi kaɗai. Sukan duba ƙasa, in sun ga 'yan jajayen 'ya'ya sun fara zubowa da kansu, nonon ya isa yanka. In an yanke da wuri mai ba ya yawa, in an bari ya wuce kuma manjan yakan yi tsami. Kafin a kai ga nonon ma galibi sai an sare reshen da ke tallafe da shi.

Ita manja itace ɗaya ne ke yin furen namiji da na mace, amma kowanne a nononsa daban, kuma bi da bi: ta yi 'yan watanni tana fitar da na maza, sannan ta juya na mata. Furen namijin kamar tarin yatsu yake, masu ruwan ƙasa, da ƙamshi mai ƙarfi lokacin da ya buɗe. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke kwasar garin yana kai wa na mace, kuma aikinsa ya kai a ɗauke shi daga Kamaru a kai Malesiya a 1981, inda kafin nan da hannu ake yin barbarar a gonaki da yawa. In itacen ya sha fari ko an yi masa sara fiye da kima, sai ya yawaita furen maza, kuma ba a ganin sakamakon nan take, sai bayan wajen shekara 2. Saboda haka in ka ga manja cike da busassun yatsun nan babu nono, kada ka ce namiji ce ka sare ta kamar yadda za a ce da dabino. Wahala ta sha, kuma tana iya dawowa.

Attagara ta haɗa duka a wuri ɗaya. Furenta yana fitowa daga cikin wani dogon kube mai tsini, ya tsage, sai ga rassa masu launin rawaya, furannin maza ƙanana birjik a sama, na mata 'yan dunƙule-dunƙule kaɗan a gindin kowane reshe. Ɗa ɗaya yana ɗaukar kusan shekara guda kafin ya ƙosa. Da yake kusan kowane reshe da nononsa, in ka tsaya a ƙasa ka duba za ka ga shekara guda cur a jere: furen wannan wata a sama, masu girman lemo a ƙasa da shi, koraye ko rawaya masu ruwan sha a tsakiya, busassu masu ruwan ƙasa a can ƙasa. Dabino yana da lokacinsa, manja tana da watannin da ta fi bayarwa, amma attagara ba ta yankewa. Akwai doguwa, wadda kan ɗauki shekara 6 ko fiye kafin ta fara, akwai kuma gajera da ke farawa a shekara 3 zuwa 4, har 'ya'yanta su kusan taɓa ƙasa. Gajeriyar ba ta da kumburin gindi sosai, amma rashin ƙaya da tajajjen reshe suna nan.

A wurin mai sayar da dashe

Duk alamun nan na manya ne. Ƙananan da ke cikin leda ba su da gangar jiki, ba su da nono, kuma ganyensu na farko bai rarrabu ba tukuna, shi ya sa a nan aka fi cutar mutane. Attagara ba ta da matsala, don ƙatuwar kwakwar da ta tsiro daga ciki tana nan a bayyane, rabi a binne. Tsiron dabino siriri ne, tsaye, mai tauri da layi-layi a tsawonsa, da tsini a baki, launinsa da toka-toka tun yana ƙarami. Na manja ya fi faɗi da taushi, kore shar, in ya ɗan girma ganyen ya tsage biyu a baki kafin daga baya ya rarrabu. In ana shakka, a ɗan tona gefen ledar da yatsa. Ƙwallon dabino dogo ne mai tsaga a ciki, na manja baƙi ne mai tauri, kusan zagayayye.

Gane sunan itacen bai isa ba, sai an tambayi ko ƙasar za ta karɓe shi. Dabino yana son saiwarsa ta sami ruwa amma 'ya'yansa su nuna cikin busasshen zafi, ruwan sama a kan nunannen nono ruɓa shi yake yi. Shi ya sa cibiyar binciken kwakwa ta ƙasa, NIFOR, wadda hedkwatarta ke kusa da Benin, ta kafa reshenta na dabino a Dutse ta jihar Jigawa. Manja da attagara kuwa ruwa da laima suke so kusan duk shekara. Ana iya raya su a Kano ko Zinder da ban ruwa, su yi kore su ƙawata gida, amma hunturu da dogon rani kan busar da bakin ganyen, su zubar da fure, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma a yi hattara da kajinjiri, ɗan'uwan dabino na daji da ke fitowa a bakin rafuka. Yana da dogayen ƙayoyin dabino, ganyensa ma yana buɗe sama, yana kuma yin 'ya'yan gindi fiye da dabino. Bambancin shi ne korensa mai sheƙi ne ba toka-toka ba, rassansa sun fi taushi suna lanƙwasowa, jikinsa siriri ne, kuma yakan tashi da yawa a wuri ɗaya suna karkacewa waje. 'Ya'yansa ƙanana ne, kusan duk ƙwallo, naman ɗan kaɗan. Ana cin su, ana saƙa da ganyen, amma wanda aka sayar wa ɗan gindinsa da sunan dabinon Agadas ba zai ga abin kai wa kasuwa ba.